Ta'aziyya da Faransanci: layi huɗu zuwa ga abokin aikin da aka yi wa rasuwa

A ɗauki misalin wani akanta, Bakatsine, da ke aiki a wata ƙungiyar agaji a Yamai. Da safiyar Litinin saƙo ya faɗo a imel ɗin dukkan ma'aikata cewa mahaifiyar wata abokiyar aikinsu, Bafaranshiya, ta rasu, kuma ita ɗin ta riga ta hau jirgi ta tafi gida. Da a Katsina ne abin ya faru, babu wani tunanin da zai yi. Zai tashi daga aiki ya nufi gidan makoki, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, a yi addu'a a shafa, ya ce "ya haƙuri", a amsa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya tashi. Ƙafarsa da addu'arsa sun isar da komai. Amma yau gidan makokin yana wata nahiya, kuma abin da ke gabansa kawai allon kwamfuta ne da harshen da ya koya don aikin lissafi da rubuta rahoto, ba don rarrashin wanda ke kuka ba.

Hausawa da dama suna shiga irin wannan hali. A Nijar, duk da dokar da aka fitar a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci na nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi ake yawancin rubuce-rubucen ofis. Haka abin yake a Chadi da mafi yawan Kamaru. Ɗan Nijeriya da aka tura aiki Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena, ko ɗan kasuwar Kano da ke da abokin hulɗa a Kwatano ko Duwala, wata rana zai wayi gari da buƙatar rubuta ta'aziyya da wannan harshe. Kuma a irin wannan saƙo ƙaramin kuskure yana da ciwo, domin mai karanta shi zuciyarsa ɗanya ce.

Ga abin da akantan nan ya fara rubutawa, da zuciya ɗaya:

« Salut, je suis désolé pour ta perte. Je te souhaite mes condoléance. Ta mère est morte, c'est la volonté de Dieu, il faut patienter. Cordialement. »

Duk wanda ya san Hausa zai ga kyakkyawar niyyar da ke ƙarƙashin wannan rubutu. Mutumin yana cewa ne: sannu, ina miki ta'aziyya, hukuncin Allah ne, sai haƙuri. Sai dai kusan kowace jimla a ciki za ta sauka a kunnen Bafaranshiyar ba yadda ya nufa ba.

A fara da kalmar da ta fi kowace muhimmanci, wato condoléances. Asalinta daga Latin ne, daga kalmomi biyu masu ma'anar "tare" da "jin zafi", ke nan taya wani jin ciwo. A saƙon ta'aziyya kullum jam'i ce, don haka tilas a sa mata s a ƙarshe, kuma duk sifar da ta raɓe ta ita ma sai ta zama jam'i: mes sincères condoléances, ko toutes mes condoléances. Ba a furta wannan s ɗin a baki, shi ya sa mutane ke mantawa da shi a rubutu. Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne na aikatau. Akantan ya yi amfani da souhaiter, kalmar da ake yi wa mutum fatan alheri da ita: barka da sabuwar shekara, Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ƙara lafiya. Ba a yi wa mutum fatan ta'aziyya. Miƙa ta ake yi, kuma kalmomin miƙawa su ne présenter ko adresser. Saboda haka daidai shi ne je vous présente mes condoléances ko je vous adresse mes condoléances. Wanda ya riƙe wannan jimla ɗaya ya riga ya samu ƙashin bayan saƙonsa.

Ita kuwa désolé pour ta perte Turancin Ingilishi ne aka sa wa rigar Faransanci. Ana jin ta a finafinan da aka fassara, za a kuma fahimce ta, amma kunnen ɗan harshe yana jin baƙuntarta nan take. 'Yan Nijeriya sun fi faɗawa wannan rami, saboda sukan fara tsara saƙon da Turanci a zuci sannan su juya shi.

Sai batun tu da vous, wanda a nan Bahaushe ya fi Baturen Ingila sa'a. Mu ma muna da "ku" na girmamawa, wanda ake yi wa surukai da dattawa ko da mutum ɗaya ne. Haka vous take. Ita kuma tu ta abokai ce da 'yan gida da waɗanda aka saba da su. Ƙa'idar a saƙon ta'aziyya mai sauƙi ce: a ci gaba da abin da aka saba yi da mutumin a ofis. Idan kullum vous ake ce masa, ranar makoki ba ranar tsallakawa zuwa tu ba ce, domin zai ji kamar an yi amfani da rauninsa an kutsa masa. Idan kuma shekara uku ana tu da shi, ana shan shayi tare, sai kwatsam ya ga vous a saƙon ta'aziyya, zai ji an ja baya a ranar da ya fi buƙatar a matso. Akantan namu da wannan mata vous suke yi, don haka Salut da ta da te duk sai sun fita. Abin lura kuma shi ne kada a gauraya. Saƙon da ya fara da votre mère ba zai ƙare da je pense à toi ba.

Yanzu ga maganar mutuwar kanta. Bahaushe ba ya ce wa mutum "uwarka ta mutu". Cewa yake "ta rasu", ko "Allah ya yi mata rasuwa", ko "ta riga mu gidan gaskiya". Faransanci ma yana da irin wannan matakala. Mort da morte su ne kalmomin tsirara, daidai da "mutu", kuma da su ake faɗin mutuwar dabba. Décès ita ce "rasuwa", kalma mai kamun kai wadda ake samu a takardun hukuma da sanarwar iyali, kuma ita ta fi dacewa tsakanin abokan aiki. Akwai disparition, wadda asalin ma'anarta ɓacewa ce, amma a wannan fage tana nufin rasuwa cikin laushin harshe, kuma kowa zai gane. Mai rubutu ya kula da alamomin da ke kan wasulan décès, domin biyun ba iri ɗaya ba ne: ta farko ta karkata dama, ta biyu ta karkata hagu. A waya, idan aka danne harafin e aka ɗan riƙe, duk za su fito a zaɓa.

Wurin da ya fi wuya ga Musulmi Bahaushe shi ne jimla ta uku, ta hukuncin Allah da haƙuri, domin a wurinmu ita ce zuciyar ta'aziyya. Idan aka ce wa mutum "sai haƙuri", an tuna masa da lada, an tuna masa cewa ba shi kaɗai ba ne, an kuma dafa kafaɗarsa. Amma patienter a Faransancin Faransa jira take nufi, irin jiran layi a banki ko jiran a ɗaga waya. Il faut patienter zai zo wa matar nan kamar an ce mata ta dakata tukuna. A Maraɗi ko Damagaram za a gane abin da ake nufi, saboda can Faransancin ya sha ruwan Hausa, amma a Liyon ko Marsai ba za a gane ba. Kalmar da Faransawa ke sawa a wannan gurbi ita ce courage, wato ƙarfin zuciya: je vous souhaite beaucoup de courage dans cette épreuve. A nan souhaiter ta zauna daidai, tunda ƙarfin zuciya abin fata ne. Sai dai a guji gajeriyar bon courage ita kaɗai, domin ita ake ce wa wanda zai shiga jarrabawa ko wanda aiki ya yi wa yawa, kuma ta yi wa mutuwa sauƙi.

Batun ambaton Allah kuma yana buƙatar a san wanda ake rubuta wa. Tun dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba coci da gwamnati, Faransa ta ginu a kan ɗaukar addini a matsayin sha'anin mutum na kansa, kuma wannan ɗabi'a ta ratsa wuraren aiki. Mutum zai iya shekaru da abokin aikinsa bai san ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa ba, kuma da yawa ba sa bin kowane addini. Idan aka ce wa irin wannan mutum c'est la volonté de Dieu a ranar da ya rasa uwa, yana iya jin kamar ana yi masa wa'azi, ko ana ce masa bai kamata ya yi baƙin ciki ba. Mai rubutun bai nufi haka ba, amma ba ya nan balle ya gyara da murya ko da kallo. Abin da ke cike wannan gurbi a wurinsu shi ne "tunani": mes pensées vous accompagnent, wato tunanina na tare da ke, ko je pense bien à vous. Ga kunnen Bahaushe wannan na iya zama kamar miya ba gishiri. A wurin mai karɓa kuwa cikakkiyar magana ce mai ɗumi, kuma Musulmin da ya rubuta ta bai faɗi abin da ya saɓa wa imaninsa ba. Idan an tabbatar mutumin Kirista ne mai riƙo da addini, ana iya cewa je prie pour vous et votre famille, ina yi muku addu'a ke da iyalinki, kuma za a karɓe ta hannu biyu.

Kalmar ƙarshe a rubutun akantan, Cordialement, ita ce wadda ake rufe kowane imel na aiki da ita, daga neman rasit zuwa sanar da taro. A ƙasan ta'aziyya tana mayar da saƙon takardar ofis. Gara bien à vous ga wanda ake girmamawa, ko avec toute mon amitié ga wanda aka saba da shi, ko ma a bar jimlar tunanin nan ta zama rufewa, a sa suna kawai a ƙasa.

Bayan duk wannan gyara, ga yadda saƙon ya koma:

« Chère collègue,
J'ai appris avec une grande tristesse le décès de votre mère. Je vous présente mes sincères condoléances, à vous et à votre famille. Ne vous inquiétez pas pour le rapport de fin de mois : je m'en occupe. Mes pensées vous accompagnent dans cette épreuve. »

Ma'anarsa ita ce: na samu labarin rasuwar mahaifiyarki cikin baƙin ciki ƙwarai. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki da iyalinki. Kada ki damu da rahoton ƙarshen wata, zan ji da shi. Tunanina na tare da ke a wannan jarrabawa. Jimla huɗu ke nan, kuma a al'adar rubutun Faransanci sun isa. A wurin Chère collègue an fi son a sa sunan mutumin idan da suna ake kiran juna, Cher ga namiji, Chère ga mace.

Jimla ta uku ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta bambanta wannan saƙo da wanda aka kwafo. Yawancin mutane sukan rubuta n'hésitez pas si vous avez besoin de quoi que ce soit, wato in akwai wata buƙata a faɗa. Magana ce mai kyau, amma wanda ke cikin makoki ba zai ɗaga waya ya roƙi abokin aiki alfarma ba. Akantan ya san abin da ke kan teburin matar, ya san ranar da za a miƙa shi, sai ya ɗauke mata ba tare da ta nema ba. Wannan shi ne kwatankwacin maƙwabciyar da ke shigowa gidan makoki da kwanon tuwo ba tare da ta tambayi ko ana jin yunwa ba. Amfaninsa kuma a fili yake idan aka duba dokar ƙwadago ta Faransa, wadda mafi ƙarancin hutun da ta ba ma'aikaci idan ya rasa uba ko uwa ko miji ko mata ko ɗan'uwa shi ne kwana 3, sai rasuwar ɗa da aka ɗaga zuwa kwana 12 a 2023, ko 14 idan bai kai shekara 25 ba. Mutumin da ke da kwana uku kacal, ga shirin jana'iza ga takardun hukuma, labarin cewa wani ya riƙe masa aikinsa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sharaɗin kawai shi ne a yi alkawarin abin da za a iya cikawa. Kuma wannan ne kaɗai ambaton aiki da ya halatta a saƙon. Tambayar yaushe za a dawo, ko ina aka ajiye fayil kaza, sai a nemi wani a ofis a yi masa.

Me ya sa ake son gajarta haka? Faransawa suna da kalma, sobre, da suke yabon irin wannan rubutu da ita, ma'ana marar ƙawa, mai kamun kai. A ganinsu abokin aiki ba ɗan gida ba ne, don haka idan ya cika saƙo da kalmomin kuka da kururuwa, ya ce zuciyarsa ta tarwatse a kan tsohuwar da bai taɓa gani ba, sai a ji ƙamshin ƙarya, ko a ga ya janye hankali daga mamaciyar zuwa kansa. Haka nan ba a tambayar me ya kashe ta, ba a ba da labarin rasuwar da aka taɓa yi wa mai rubutun, ba a cewa je sais ce que vous ressentez, wai na san abin da kike ji. Ba a kuma lissafa dalilan rage zafi, irin su ai ta tsufa, ko ai ta huta da jinya. Wannan kamun kai bai yi nisa da namu ba. A zaman makoki ma mai yawan surutu ba shi ake yabo ba.

Idan kuwa mai rubutun ya taɓa haɗuwa da mamacin, to yana da abin da ya fi duk wata ƙa'ida daraja, wato tunawa guda ɗaya ta gaskiya. A sauya misalin: wannan karon wanda aka yi wa rasuwar abokin akantan ne na kusa, Musulmi ɗan Damagaram, mahaifinsa ya rasu, kuma akantan ya taɓa yin Babbar Sallah a gidansu. Da Hausa za su yi magana a waya, babu shakka, amma a ce saƙon zai shiga zauren WhatsApp na ma'aikata inda Faransanci ne harshen kowa:

« Cher ami, j'ai appris la triste nouvelle. Je suis de tout cœur avec toi et les tiens. Je n'oublierai pas l'accueil de ton père le jour de la Tabaski. Qu'Allah lui pardonne et l'accueille dans son Paradis. »

A nan addu'a ta dawo mazauninta, domin mai karɓa yana jiran ta, kuma rashinta ne zai zama gibi. Tabaski ita ce sunan Babbar Sallah a Faransancin Afirka ta Yamma. Addu'a a Faransanci da que take farawa, kamar yadda tamu ke farawa da "Allah ya": qu'Allah lui pardonne, Allah ya gafarta masa. Kalmar lui ta ɗauki namiji da mace duka, amma a qu'il repose en paix sai an sauya zuwa qu'elle idan mamaciyar mace ce. A ƙasashen Afirka masu Faransanci ana yawan jin paix à son âme, da kuma que la terre lui soit légère, wato ƙasa ta yi masa sauƙi, wadda asalinta rubutun kan kabarin Rumawan da ne, amma yau Musulmi da Kirista duka suna faɗin ta daga Dakar har Yawunde. Mutane kuma sukan saƙa kalmar gida a ciki: ɗan Abijan zai ce yako, ɗan Kamaru ya ce assia, Bazabarme ya ce fonda tilas. Wanda ya san ta garin abokinsa ya sa ta a farkon saƙo, za ta isa inda doguwar jimla ba ta isa ba.

Akwai wani tarko a kalmomin dangantaka da ya kamata a sani. Beau-père na nufin suruki, tana kuma nufin mijin uwa. Belle-mère na nufin suruka, tana kuma nufin matar uba. Parent ma ba iyaye kaɗai take nufi ba, tana ɗaukar kowane dangi. Saboda haka idan sanarwa ta ce mutum ya rasa un parent, kada a yi saurin rubuta votre père. A tambayi wani a ofis, in ba a samu tabbaci ba a ce le deuil qui vous frappe, wato rashin da ya same ku, wadda ba ta ambaci kowa ba. Ga kishiyar uwa kuma, a Afirka akan ji ana cewa marâtre ba tare da wata mummunar manufa ba, amma a Faransa kalmar na nufin muguwar matar uba irin ta tatsuniya, don haka a nisance ta a rubutu. Sannan ɗan ƙaramin abu na nahawu da ke tuntuɓe da mutane: matar aboki ton épouse ce, ba ta épouse ba, saboda kalmar ta fara da wasali. Mai rubutun ma jinsinsa na bayyana: namiji zai rubuta je suis très attristé, mace ta ƙara e ta rubuta attristée.

Lokacin aikawa ya danganta da inda makokin yake. A ƙasar Hausa ana binne mamaci a ranar ko washegari, a yi zaman makoki kwana uku, don haka saƙon da ya wuce kwana biyu ya fara makara. A Faransa doka ta hana binnewa kafin awa 24, kuma tun 2024 ta ba da har kwana 14, saboda haka jana'iza takan kai mako guda bayan rasuwa. A kudancin Kamaru gawa na iya yin makonni a ɗakin ajiye gawa kafin dangi su taru, kuma a wurin Bamileke abin da suke kira funérailles wani babban taro ne daban da ake yi bayan watanni ko shekaru da binnewa. Duk da wannan bambanci, abin da ya fi shi ne a aika a ranar da aka ji ko washegari. Gajeren saƙon waya ya wadatar ga aboki na kusa. Ga shugaba ko wanda ba a saba da shi sosai ba, imel ya fi, da kan magana mai sauƙi kamar Sincères condoléances. Har yau kuma Faransawa suna ganin girman kati da aka rubuta da hannu, wanda sau da yawa ma'aikatan sashe ɗaya kan sa hannu a kai tare. A irin wannan kati je kan koma nous: toute l'équipe se joint à moi pour vous présenter ses sincères condoléances. Abu ɗaya da za a kiyaye a imel shi ne maɓallin Répondre à tous. Sanarwar ta je wa kowa, amma ta'aziyyar ta mutum ɗaya ce, kuma ba ya buƙatar ya ga baƙin cikinsa na yawo a akwatin mutum hamsin. Hotunan fuska mai hawaye da haruffan RIP ma a bar su, musamman ga wanda ake yi wa vous.

Sanarwar rasuwa ta iyali, wadda suke kira faire-part, tana ɗauke da umarni da ya kamata baƙo ya iya karantawa. Idan an rubuta dans l'intimité familiale ko dans la plus stricte intimité, ana nufin iyali kaɗai za su halarci jana'izar. Bahaushe ya saba da cewa yawan jama'a a jana'iza alheri ne ga mamaci, kuma ba a gayyata, ji kawai ake a tafi. A nan kuwa zuwa ba tare da an kira ba kutse ne, duk kyawun niyya. Idan an rubuta ni fleurs ni couronnes, ana nufin kada a aiko da furanni, kuma wani lokaci akan ambaci wata ƙungiya da za a ba gudummawa a madadinsu. Kuɗin karo-karo da ake haɗawa a ambulan a kai wa mai makoki abu ne da aka saba a ofisoshin Yamai da Bamako da Duwala, amma ga Bafaranshe gara a tambayi wanda ya san shi kafin a miƙa masa kuɗi a hannu, domin a can an fi haɗa kuɗin a sayi furanni da sunan ma'aikata.

Amsa ba lallai ta zo da wuri ba. Wasu iyalai sukan aiko da katin godiya bayan makonni, wasu su rubuta merci kawai, wasu kuma ba za su ce komai ba, kuma babu raini a cikin hakan. Ranar da abokiyar aikin ta dawo ofis, ba a bukatar sake karanto mata ta'aziyya a gaban jama'a. A gaishe ta, a ce je suis content de vous revoir, na ji daɗin sake ganinki, a bar ta ta zaɓi ko za ta yi maganar ko ba za ta yi ba.

Wanda kuma labarin bai riske shi da wuri ba, ko yana tafiya, ko kunyar Faransancinsa ta sa ya yi ta ɗagawa har mako uku suka wuce, kada ya ce lokaci ya ƙure ya yi shiru. Harshen ya tanadi jimlar wannan hali: je viens seulement d'apprendre le décès de votre frère, wato yanzu nake jin labarin rasuwar ɗan'uwanku. Idan kuwa ya ji tun tuni, kada ya yi ƙarya, ya rubuta pardonnez ce message tardif, a gafarce ni da jinkirin wannan saƙo, sannan ya ɗora jimlar ta'aziyyar a kai ya aika.